Bayanin Haja 300 a Zama Ɗaya: Yadda Ake Tace Ƙari da Maimaici a Rubutun Manhaja

A ranar 18 ga Mayu, 2025, jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta fito da wani ƙarin shafi mai ɗauke da jerin littattafai 15 da ta shawarci masu karatunta su nema a hutun bazara. Kowane littafi an ambaci marubucinsa, an kuma yi masa gajeren bayani mai daɗin karatu. Kafin a yi nisa sai masu karatu suka gano cewa 10 daga cikin littattafan babu su a duniya. Marubutan na gaskiya ne, cikinsu har da shahararriyar marubuciyar nan 'yar ƙasar Chile, Isabel Allende, amma ba su taɓa rubuta littattafan da aka jingina musu ba. Wanda ya haɗa jerin ya amsa cewa da manhajar ƙirƙirarriyar basira ya yi aikin, kuma bai bi ya duba ba.

Irin wannan aiki, na rubuta gajerun bayanai masu yawan gaske a tsari ɗaya, shi ne ya fi jan mutane zuwa ga manhajojin rubutu irin su ChatGPT da Gemini da Claude. Mai sayar da kaya ta intanet yana son bayanin kowace haja. Dillalin gidaje yana son bayanin kowane gida. Mai shagon littattafai yana son 'yan layuka a kan kowane littafi. Aikin da zai ci makonni, manhaja za ta zubo shi kafin a tashi daga zama. Sai dai akwai cututtuka biyu da ba sa rabuwa da irin wannan rubutu: ƙarin abin da babu shi, da maimaita magana ɗaya. Wanda ya fahimci cewa tushensu ɗaya ne, shi zai san inda zai sa magani.

Me ya sa manhaja take ƙari?

Manhajar rubutu ba ta ganin kayan da ke shagonka. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce, har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Haka take gina jimla, kalma bayan kalma. Idan ka ba ta bayani cikakke, da shi za ta yi gini. Idan ka bar mata giɓi, ba ta cika yin shiru ba, sai ta cike shi da abin da aka fi faɗa a irin wannan wuri. A tallan atamfa an saba cewa auduga ce zalla, an saba cewa ba ta zuba, an saba danganta ta da Holan. Saboda haka waɗannan maganganu suna nan a bakin ƙofa, da zarar an sami giɓi sai su shigo.

Maimaici ma daga nan yake. Idan ka ba manhaja umarni ɗaya sau 300, kuma abin da ya bambanta hajojin bai wuce launi ba, to kowane karo hanyar da ta fi sauƙi za ta bi, kuma hanyar guda ce. Sau da yawa ma kowane bayani shi kaɗai ake rubuta shi, manhajar ba ta ga abin da ta rubuta wa hajar da ta gabata ba, balle ta kauce masa. A watan Agustan 2023 kamfanin jaridu na Gannett a Amurka ya dakatar da wata manhaja da ke rubuta masa rahoton wasannin makarantun sakandare, bayan da masu karatu suka lura cewa jimloli iri ɗaya ne ke yawo daga wannan rahoto zuwa wancan, sunayen makarantu da sakamako kawai ake sauyawa.

Ƙarancin bayani, ke nan, shi ne uwar matsalolin biyu. Inda babu abin faɗa na gaskiya, ko dai a ƙirƙiro, ko a maimaita.

Misali daga shagon atamfa

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano yana da haja iri 300, atamfa da shadda da leshi da yadi, kuma yana son ya ɗora su a intanet, kowace da hotonta da bayaninta. Matakin farko ba ya buƙatar manhajar rubutu ko kaɗan. Zai buɗe takardar Excel ko Google Sheets, kowace haja ta sami layinta, kowane irin bayani ya sami gidansa: A lambar haja, B nau'i, C launi, D zane, E tsawo, F ƙasar da aka yi ta, G irin zaren da aka saƙa ta da shi. Gidan H a bar shi domin abin da manhaja za ta rubuta.

Ga yadda layi ɗaya zai iya kasancewa. Lamba: 114. Nau'i: atamfa. Launi: shuɗi da ruwan goro. Zane: ganye manya. Tsawo: yadi 6. Ƙasa: babu komai. Zare: babu komai. An bar gidajen biyu na ƙarshe a buɗe ne saboda takardar da ke jikin turmin ba ta faɗa ba, shi ma mai shagon bai tabbatar ba. Wannan barin shi ne daidai. Kuskure shi ne a cike gidan da zato tun daga nan, domin duk abin da ya shiga takardar, manhaja gaskiya za ta ɗauke shi.

Idan aka ce wa manhaja ta rubuta bayani mai jan hankalin masu saye, ba tare da wani sharaɗi ba, ga irin abin da ya kan fito:

"Ki haskaka a taron biki da wannan atamfa 'yar Holan mai ɗaukar ido, wadda aka saƙa da auduga zalla. Launinta shuɗi da ruwan goro ba ya zuba ko an wanke sau ɗari. Yadi 6 ne cif, kuma sabon zane ne na bana."

Rubutu ne mai santsi, kuma santsin ne haɗarinsa, domin ido ya kan zame a kansa ba tare da ya tsaya ba. Hanyar dubawa ita ce a daina karanta shi a matsayin zance, a tsinke shi zuwa da'awa ɗaya bayan ɗaya, kowace a nemi gidanta a takarda. Atamfa ce: akwai a gidan B. 'Yar Holan ce: gidan F babu komai, wannan ƙari ne. Auduga zalla: gidan G babu komai, ƙari ne. Shuɗi da ruwan goro: akwai a gidan C. Ba ta zuba: babu wanda ya gwada, ƙari ne. Yadi 6: akwai a gidan E. Sabon zane na bana: babu inda aka rubuta, ƙari ne. Da'awa bakwai, uku na gaskiya, huɗu na ƙari. Akwai kuma abu na takwas da ba a ganinsa sai an waiwayi takardar: zanen ganye, wanda shi ne ainihin abin da ya bambanta wannan atamfa da 'yan uwanta, manhaja ta tsallake shi gaba ɗaya. Shi ya sa dubawa take da kai da kawo. Daga rubutu zuwa takarda ana neman abin da aka ƙara, daga takarda zuwa rubutu ana neman abin da aka bari.

Babu ɗaya cikin ƙarin nan huɗu da yake ƙaramin abu a kasuwa. Atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, kuɗinta ya ninka na yawancin atamfofin da ke kasuwa, kuma macen da ta saya da wannan suna ta tarar ba haka ba, ba za ta ce manhaja ta cuce ta ba. Mai shago za ta kama. Addini ya hana ha'inci a ciniki, kuma a Najeriya dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta hana yi wa haja bayanin ƙarya ko mai yaudara. Ba a sauke wa mutum nauyin abin da ya wallafa da sunansa don ya ce na'ura ce ta rubuta.

Gyaran umarni kafin gyaran rubutu

Kafin a saki manhaja a kan haja 300, a gwada ta a kan 10, kuma a zaɓi masu wuya da gangan: waɗanda gidajensu suka fi yawan giɓi, da waɗanda suka yi kama da juna sosai. A cikin umarnin a faɗa mata ƙarara cewa da abin da ke cikin layin kaɗai za ta yi aiki, gidan da aka bari a buɗe kada ta ce komai a kansa, kuma kada ta taɓo ƙasa ko zare ko inganci ko wanki sai in an rubuta. A ƙayyade mata tsawo, misali kalma 25 zuwa 35. Tsawo yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wanda ya nemi kalma 100 a kan hajar da bayananta biyar ne kacal, shi da kansa ya buɗe ƙofar ƙari, domin ragowar kalmomin dole su fito daga wani wuri.

Da irin wannan umarni, haja mai lamba 114 za ta iya fitowa haka: "Atamfa mai zanen ganye manya, shuɗi da ruwan goro. Turmi ɗaya, yadi 6." Ba ta kai ta farko armashi ba, amma babu kalmar da mai shago zai ji kunyarta a gaban mai saye. In yana son armashi, sai ya ƙara gidaje a takardarsa, ya rubuta abin da hannunsa da idonsa suka tabbatar: kaurin yadin, ko yana da sheƙi, ko zanen ya fito a fuska biyu, ko akwai mayafin da ya dace da shi a shagon.

Umarni mai kyau yana rage ƙari, amma ba ya kawar da shi. Manhaja ta kan bi sharaɗi a layi 40 ta karya a na 41. Saboda haka dubawa ba ta faɗuwa.

Tankaɗe da Excel

Wani sashe na dubawar na'ura za ta iya ɗauka. A fara da rubuta jerin kalmomi masu haɗari a wannan sana'a: auduga, siliki, Holan, Ingila, Dubai, asali, garanti, ba ya zuba, ba ya koɗewa. Sannan a sa Excel ya nuna duk layin da kalmar ta fito alhali gidanta babu komai. Ga na auduga:

```
=AND(G2="",ISNUMBER(SEARCH("auduga",H2)))
```

A ja wannan daga layi na 2 har ƙasa. Duk inda ya nuna `TRUE`, manhaja ta ambaci auduga ba tare da an ba ta ba. Haka za a yi wa sunayen ƙasashe da gidan F. Lambobi kuwa su ne suka fi cancantar tsanani, domin yadi 5 da yadi 6 ido ba ya rarrabe su idan gajiya ta zo. Hanya mafi aminci ita ce a cire farashi da tsawo daga hannun manhaja gaba ɗaya, a bar Excel ya liƙa su a ƙarshen kowane bayani kai tsaye daga gidajensu. Manhajar rubutu ta kan yi tuntuɓe a lissafi ko da maganarta ta yi kama da ta gwani. A farkon 2023 shafin labaran fasaha na CNET ya sake duba maƙaloli 77 da manhaja ta rubuta masa, ya yi gyara a 41. Ɗaya daga cikinsu ta ce wanda ya ajiye dala 10,000 a kan ruwan kashi 3 cikin 100 zai ci ribar dala 10,300 a shekara, alhali ribar dala 300 ce.

Wannan tankaɗe yana da iyaka, domin kalmomin da ka riga ka yi zato kaɗai yake kamawa. Idan manhaja ta ce amaren Kano sun fi son wannan zane, babu kalma ɗaya cikin jerinka da za ta tashi. Wannan sai idon mutum.

Guda nawa ya kamata a karanta?

A haja 300, amsar ita ce duka. Idan kowane bayani ya ci minti 2 ana gwada shi da layinsa, jimla minti 600 ne, wato sa'a 10, aikin kwana biyu ga mutum ɗaya. Amma kafin a shiga wannan, yana da kyau a ɗebi samfuri a ga ko rubutun ya cancanci wahalar. A ɗebo 60 ba tare da zaɓe ba, daga farko da tsakiya da ƙarshe. A ce an sami ƙari a guda 9. Wannan kashi 15 cikin 100 ne, ma'ana akwai kimanin 45 a cikin 300. A irin wannan hali bin su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. A duba abin da ya haɗa guda 9 ɗin, wataƙila dukansu gidan ƙasa ne a buɗe, a gyara umarni ko takarda, a sake fitar da rubutun.

Idan kuma ba a sami ko ɗaya ba a cikin 60, kada a ce an gama. Masana ƙididdiga suna da wata ƙa'ida mai sauƙi a kan wannan: a raba 3 da adadin da aka duba. Uku a raba da 60 ya ba da kashi 5 cikin 100. Abin da samfurin ya nuna, da ƙarfin gwiwar kashi 95 cikin 100, shi ne kuskuren bai wuce kashi 5 ba, wato har yanzu ana iya samun guda 15 a cikin 300. Ga mai haja dubbai wanda ba zai iya karanta duka ba, wannan lissafi ne zai faɗa masa girman kasadar da ya ɗauka. Ga kayan ci da magani da man shafawa da duk abin da ya shafi lafiya, samfuri bai isa ba, kowane layi sai mutum ya karanta.

Wasu kan miƙa rubutun ga wata manhajar ta duba. Yana da amfani idan an haɗa mata da layin takardar, aka nemi ta lissafo duk da'awar da babu ita a ciki. Amma ita ma irin ginin ta farko ne da ita, abin da ya yi wa waccan kama da gaskiya zai iya yi wa wannan. A ɗauke ta mai nuna wuraren da za a fara dubawa, hukunci kuwa ya zauna a hannun wanda ya san kayan.

Kama maimaici

Maimaici ba ya bayyana a bayani ɗaya. Sai an jera su, kamar yadda mai saye zai gan su yana jan allon waya, sannan a ga "mai ɗaukar ido" ya fito a layi bayan layi. Wurare uku ya fi ɓuya: mabuɗin jimla, kalmomin yabo, da rufewa. Domin kama mabuɗi, a yanko haruffa 20 na farkon kowane bayani a gidan I, sannan a gidan J a ƙirga sau nawa kowanne ya fito:

```
=LEFT(H2,20)
=COUNTIF(I:I,I2)
```

Idan aka jera gidan J daga babba zuwa ƙarami, nan take za a ga ko "Ki haskaka a taron" ya buɗe bayani 80. Domin ƙirga wata magana a duk inda ta faɗo, sai a yi haka:

```
=COUNTIF(H:H,"*aukar ido*")
```

An cire harafin farko da gangan, saboda manhaja ta kan rubuta "ɗaukar" a wani layi ta rubuta "daukar" a wani, kuma a wurin Excel haruffa biyu ne daban. Duk mai bincike a rubutun Hausa ya riƙa tunawa da wannan a kan ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ƙirgarsa za ta fito ƙasa da gaskiya.

Sai dai ba kowane maimaici ne aibi ba. Idan atamfa 200 duk yadi 6 ne, to "yadi 6" ya fito sau 200, kuma da kalmomi iri ɗaya, domin mai saye ya san inda zai kai ido. Maimaicin da ake yaƙi da shi shi ne na yabo, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Akwai gwaji mai sauƙi: a rufe hoto da lamba, a karanta bayanin, a ga ko ɗan shago zai iya zuwa ya ɗauko hajar daga kanta. In ba zai iya ba, bayanin bai yi aikinsa ba, ko da babu ƙarya a cikinsa.

Tarkon da ke tsakanin gyaran biyu

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Mutum ya ga maimaici, sai ya ce wa manhaja ta bambanta kowane bayani, ta kawo sababbin kalmomi. Wasu kuma su ɗaga ma'aunin da ake kira `temperature`, wanda ke sa manhaja ta riƙa zaɓen kalmomin da ba su ne na kan gaba ba. Rubutun zai bambanta, gaskiya ne. Amma idan bayanan takardar ba su ƙaru ba, bambancin daga ƙari zai fito: wannan ta zama 'yar Ingila, waccan ta zama mai laushin siliki. An kori maimaici an shigo da ƙarya, kuma ƙarya ta fi tsada. Hana kalma ɗaya ma ba ya wadatarwa, domin in an hana "mai ɗaukar ido" sai "mai ƙayatarwa" ta gaje kujerarta a layuka iri ɗaya.

Abin da ya fi aiki shi ne a bambanta tsari, a bar gaskiya yadda take. A raba hajar gida uku ko huɗu, wasu bayanan su fara da zane, wasu da launi, wasu da nau'in yadi. A nuna wa manhaja misalai uku ko huɗu da mai shago ya rubuta da hannunsa, masu salo daban-daban, domin in misali ɗaya aka ba ta, shi za ta yi ta kwaikwayo har ƙarshe. Yabon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma a goge shi kawai, ba sai an nemo masa magaji ba.

Daga nan ne jerin aikin ya fito. A cika takarda da abin da aka tabbatar, a gwada 10, a fitar da duka, a gyara maimaici, sannan a duba gaskiya a ƙarshe. Dalilin sa gaskiya a ƙarshe shi ne duk layin da aka mayar wa manhaja ta sake rubutawa ya zama sabon rubutu, dubawar da aka yi masa a baya ta warware. Yana da kyau a ware gida ɗaya a takardar inda mai dubawa zai sa alama da kwanan wata, kuma a goge alamar duk lokacin da aka taɓa layin. Layin da babu alama ba ya hawa intanet. Idan sabon kaya ya iso shago, a karanta takardar da ke jikin turmin a cike gidajen F da G tun kafin a ɗauki hoto, domin kowane gida da aka cike da gaskiya ya rage wa manhaja wurin zato, ya kuma rage wa mai dubawa aiki.